Amsoshin wasiƙunku: takardar tallan maganin ciwon damuwa da abin da ba ta faɗa

"Ina da shagon magani a Tudun Wada, Gombe. Ɗan tallan wani kamfani ya kawo mini sabon maganin ciwon damuwa da takarda mai sheƙi. Ta ce an yi gwaji da ƙuri'a, kashi 70 cikin ɗari na masu shan maganin sun samu sauƙi, na masu shan ƙwayar bogi, wadda babu magani a cikinta, kuwa kashi 50. Tsadarsa ta ninka ta amitiriftilin nesa ba kusa ba. In sari kwali-kwali?"
Mai shago, Gombe

Malam, kada ka sari ko kwali ɗaya tukuna. Da farko, irin wannan magani sai da takardar likita, don haka idan lasisinka na ƙaramin kemis ne, ba kayan shagonka ba ne ko kusa. Idan kuma cikakken shagon magani gare ka, ka ce wa ɗan tallan ya kawo maka ainihin rahoton gwajin daga mujallar da aka buga shi. Ƙuri'ar da ake raba mahalarta gwaji da ita, wasu su sha maganin wasu ƙwayar bogi, abu ne mai kyau, domin ita ke sa rukuni biyun su yi kama da juna a ranar farko. Sai dai a ranar farko aikinta ke ƙarewa. Abin da ya faru daga nan zuwa mako na shida ko na takwas, kai za ka bincika da kanka.

Tambayar farko ita ce: kashi 70 na su wa? Mu ƙaddara an raba mutum 200, kowane rukuni 100. A rukunin magani 40 suka janye saboda tashin zuciya, jiri da rashin barci, 60 suka kai ƙarshe, 42 suka samu sauƙi. A rukunin ƙwayar bogi 20 suka janye, 80 suka kai ƙarshe, 40 suka samu sauƙi. In ka lissafa da waɗanda suka kammala kaɗai, 42 cikin 60 kashi 70 ne, 40 cikin 80 kuma kashi 50, daidai abin da takardarka ta ce. In kuwa ka lissafa da duk wanda ƙuri'a ta faɗa wa, 42 cikin 100 ne da 40 cikin 100. Tazarar 20 ta koma 2. Kamar makarantar kuɗi ce da ta hana raunanan ɗalibanta zama jarrabawa, sannan ta kafa allo a bakin titi cewa duk 'ya'yanta sun ci. Ban ce haka aka yi a gwajin maganinka ba, amma takardar da ba ta faɗi yawan waɗanda suka janye ba ta bar maka wannan ƙofa a buɗe.

Don haka ka nemi jadawalin da ke nuna nawa aka ɗauka, nawa suka fita daga kowane rukuni, da dalilin fitarsu. Masana sukan ce idan waɗanda suka ɓace ba su kai kashi 5 ba, babu damuwa sosai, idan sun haura kashi 20 kuwa sai a yi hattara. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rukuni ɗaya ya fi ɗayan zubar da mutane. Ka duba kuma yadda aka cike gurbin waɗanda suka tafi. In ka ga haruffan LOCF, ma'anarsu an ɗauki makin mutum na ranar da aka gan shi ƙarshe, aka rubuta shi a matsayin sakamakonsa na ƙarshen gwaji. Masu ciwon damuwa a gwaji sukan ɗan samu sauƙi da tafiyar makonni ko me suke sha, saboda haka wanda ya fita a mako na biyu an daskarar da shi a lokacin da ya fi jin jiki. Rukunin da mutanensa suka fi fita da wuri shi zai fi muni a takarda.

Yanzu ga abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Muna karɓar kalanda da biro da takarda mai hoton mace tana murmushi, mu cika shago da maganin, sai talaka ya sayar da buhun wake ya sayi abin da ba mu taɓa karanta hujjarsa ba. Ka ji labarin Gwaji na 329. Kamfanin SmithKline Beecham, wanda daga baya ya zama GlaxoSmithKline, ya gwada maganin damuwa faroksetin a kan matasa 275 'yan shekara 12 zuwa 18 a Amurka da Kanada tsakanin 1994 da 1998: 93 sun sha faroksetin, 95 imifiramin, 87 ƙwayar bogi, na tsawon mako takwas. Tun kafin a fara, an rubuta manyan ma'aunai biyu da za a yanke hukunci da su, dukansu a kan sikelin Hamilton, wanda likita ke cikewa ta hanyar hira da majinyaci, kuma saukar maki a kansa alamar sauƙi ce. A duka biyun maganin bai yi wa ƙwayar bogi fintinkau ɗin da lissafi zai yarda da shi ba. Amma rahoton da aka buga a 2001 ya fito da wasu ma'aunai da ba sa cikin tsarin farko, waɗanda suka yi kyau, ya ce maganin yana aiki kuma jiki na karɓarsa.

A 2015 wasu masu bincike suka koma kan ainihin bayanan, suka buga sakamakonsu a mujallar BMJ. Makin masu shan faroksetin ya sauka da 10.7, na masu ƙwayar bogi da 9.1. Tazarar 1.6 ke nan, a sikelin da ke kai wa 52. Sun kuma ƙirga yara 11 a rukunin faroksetin da suka yi tunanin kashe kansu ko suka ji wa kansu rauni, alhali rahoton farko ya nuna ƙasa da haka, ya kuma lulluɓe su da kalma mai laushi ta saurin sauyawar yanayin zuciya. A 2012 kamfanin ya amsa laifi a Amurka ya biya dala biliyan 3, cikin laifuffukan har da tallata wannan magani ga 'yan ƙasa da shekara 18.

Kada ka ɗauka gwaji ɗaya ne kawai. A 2008 Erick Turner da abokan aikinsa sun bi diddigin gwaje-gwaje 74 na magungunan damuwa 12 da aka kai wa hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA. Hukumar ta ga 38 sun yi nasara, an buga 37 daga ciki. Sauran 36 da ba su yi kyau ba, 22 ba a buga su ba sam, 11 an buga su da fuskar nasara, 3 kawai aka buga yadda suke. Mai karanta mujallu zai ga kashi 94 sun yi nasara, alhali a hannun hukuma kashi 51 ne. Maganin wannan ba wuya: ka nemi lambar rajistar gwajin, ka buɗe ClinicalTrials.gov, ko PACTR idan a Afirka aka yi shi, ka ga wane ma'auni aka yi alkawarin aunawa, a wane mako, da ranar da aka yi rajistar. In bai zo daidai da abin da takarda ke tinƙaho da shi ba, ka mayar wa ɗan talla da kayansa.

"Ni ɗalibar likitanci ce a Bauchi. Rahoton da aka ba mu ya ce majinyaci da likita duk ba su san wa ke shan me ba. Wannan bai isa ba?"

Bai isa ba, 'yata, amma kin yi tambaya mai kyau. Kamannin ƙwayoyin ɗaya ne, abin da suke yi a jiki kuwa daban. Mai shan amitiriftilin ko imifiramin zai ji bushewar baki, taurin bayan gida da kasala cikin 'yan kwanaki, ya gane. Likitan da ya ji wannan ƙorafi shi ma ya gane, kuma idan shi ne mai cike sikelin Hamilton, tsammaninsa na iya shiga cikin makin, tunda babu gwajin jini da zai ƙaryata shi. Ki duba ko mai ba da maki daban yake da mai sauraron illoli, da ko an tambayi mahalarta su canki abin da suke sha. Canken farkon gwaji ya fi amfani, domin a ƙarshe mutum na iya cankar daidai don kawai ya ji sauƙi. Wasu tsofaffin gwaje-gwaje sun zuba atirofin a ƙwayar bogi don ita ma ta busar da baki, kuma tazarar da suka samu ƙarama ce.

"Na ƙasar waje mai tsada ai ya fi na gida ƙarfi, ko ba haka ba?"
Daga Kumo

Ba haka ba ne, kuma tambayar nan ta ishe ni. Farashi ba sakamakon gwaji ba ne. Ka duba sunan sinadarin, lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka saya a shago mai lasisi, ka daina sayen ƙwaya tsirara a tashar mota.

"Ɗana mai shekara 19 yana shan fuluwoksetin wata uku, likita ya rubuta masa, har ya koma makaranta. Yayansa ya ce ya karanta a waya cewa duk gwajin magungunan nan ƙarya ne. Kuɗin na yi mini nauyi, kuma ina tsoro. In daina saya?"
Uwa daga Jekadafari

Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka miki da alheri. Kada ki daina saya a kan maganar waya. Gaskiya ne an yi wa wasu gwaje-gwaje kwalliya, kin ma gani a sama. Amma a 2018 an tattara gwaje-gwaje 522 na manya fiye da 116,000, har da waɗanda ba a taɓa bugawa ba, aka wallafa a mujallar Lancet, kuma duk magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar bogi, fuluwoksetin na cikinsu. Fifikon matsakaici ne, ba kamar yadda talla ke zuzutawa ba, amma akwai shi. Yaron da ya tashi ya koma aji bayan wata uku ba wanda za a katse wa magani ba ne. Likitoci sukan so a ci gaba aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi don kada ciwon ya dawo, kuma dainawa farat ɗaya na iya kawo jiri, rashin barci da saurin fushi.

Abin da nake so ki sa wa ido shi ne wannan. Ga 'yan ƙasa da shekara 25 akwai gargaɗi a kan tunanin cutar da kai, musamman a makonnin farko ko lokacin da aka canza yawan ƙwayar. In kika ga ya kasa zama wuri ɗaya, ya daina barci, ko yana maganar mutuwa, ki kai shi asibiti a ranar, kada ki jira ranar da aka ba ku. Batun kuɗi kuma ki faɗa wa likitan kai tsaye ba tare da kunya ba. Fuluwoksetin tsohon magani ne da kamfanoni da yawa ke yi, ki roƙe shi ya rubuta sunan sinadarin maimakon sunan kamfani, ki tambayi farashi a ɗakin magani na asibitin kafin ki fita waje.