Me kake so su yi in ka gama magana?

*"Jama'a, an ba ni minti 15 in yi bayani gaban shugabannin ƙungiyarmu ranar Asabar. Na buɗe PowerPoint, har na kai silaid 30, amma ni kaina ban san inda na dosa ba. Ta ina ake farawa?"*

Ɗan'uwa, rufe kwamfutar tukuna, ka ɗauko biro da takarda. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin.

Wata shekara aka sa ni in yi wa dattawan ƙungiyar manoma bayani kan ajiyar wake. Na kwana uku ina jera hotuna: ga ƙwari, ga rumbu, ga jadawalin farashi, kowanne da kalarsa. Da na gama, shugaban ya gyara zaman hularsa ya ce, "Malam, mun ji. To yanzu me kake so mu yi?" Wallahi sai na kama inda-inda.

Abin da na riƙe a lokacin kan magana ne kawai, wato "ajiyar wake". Kan magana ba ya sa kowa ya motsa. Saƙo kuwa jimla ce cikakkiya mai ɗauke da wanda zai yi, da abin da zai yi, da dalili. Da aka sake ba ni dama, ga abin da na rubuta kafin in taɓa komai: "Mu haɗa kuɗi mu sayi buhunan PICS kafin kaka, domin ledojin nan biyu na ciki suna hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba." Daga nan duk silaid ɗin da ba ya tallafar wannan jimla na cire shi. Shida suka rage, tarihin ƙungiya ma da na sha wahalar tsarawa ya tafi. Dattawan da suka kafa ta zan ba wa tarihinta?

Shi ya sa ake yin wannan aiki a takarda. Manhajar tana miƙo maka gurbin take da gurbin jerin bayanai, kai kuma ka yi ta cikewa, kuma abin da ka ɓata awa guda kana ƙawatawa ba ka iya goge shi.

In ka rubuta jimlarka, gwada ta. Shin wani a ɗakin zai iya cewa "ban yarda ba"? In babu abin musu, har yanzu kan magana ne. In ka ga "sannan kuma" a tsakiya, saƙo biyu ne, zaɓi wanda masu yanke shawara za su iya zartarwa ranar. Sai ka faɗa wa wani na gida sau ɗaya, bayan sallar isha'i ka ce ya maimaita maka. Ni uwargida na gwada wa, ta ce, "Buhu za ku saya kafin kaka." Ranar taron aka ɗauke wuta, majigin ya mutu a silaid na biyu, na ƙarasa da buhun a hannuna.