Me ya sa mutane ke ƙorafi amma ba su fita?

Tambaya: «A fadarmu nan Yamai kowa na kukan tsadar rayuwa, amma ranar zanga-zanga ko zaɓe sai ka ga mutum kwance a gida. Tsoro ne ko rashin kishi?»

Ɗan'uwa, sau da yawa lissafi ne kawai. Mancur Olson, wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya bayyana shi a 1965: idan amfani zai game kowa, wahala kuma ta faɗa kan wanda ya fita kaɗai, mafi yawa za su jira a sha musu wahalar.

Dubi 2005, lokacin da gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan madara, fulawa, ruwa da wuta. Ɗan kasuwar Katako da ya rufe shago don nuna ƙin harajin ya yi asarar cinikin yini. Da aka janye harajin madara da fulawa, wanda ya ci gaba da ciniki ma ya ci moriya, ba a tambaye shi inda yake ranar ba. Kuma ya san ƙafarsa ɗaya ba ta ƙara komai cikin dubban mutane.

To me ya sa aka rufe gari duk da haka? Saboda rufe shago abu ne da ake gani. In ka buɗe, maƙwabcinka na kallonka, gobe kuma tare za ku zauna. Kunyar nan ta fi asarar cinikin ciwo. Ranar zaɓe idon jama'a bai kai haka ba, sai dai a leƙa yatsanka a nemi tawada.

Amma kada ka saka kowa a buhu ɗaya. Ɗan Tawa da ke ci-rani a Abijan nisa ya hana shi, wani kuma ya yanke ƙauna daga 'yan takarar gaba ɗaya.