Ɗaki, mashin da fili suna zaune: da wanne zan fara?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina da ɗaki ɗaya ba kowa a ciki, da mashin da na daina hawa, da kuma fili da ban samu halin ginawa ba. Dan Allah wace sana'a zan iya sa su a ciki su riƙa kawo wani abu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh ka ga waɗannan abubuwa uku ba halinsu ɗaya ba. Fili ko ka bar shi shekara biyar ba ya tsufa, ɗaki ma da sauƙi, amma mashin ko yana ajiye darajarsa sauka take yi, batir ya mutu, taya ta bushe ta tsattsage, man da ke tanki ya lalace ya toshe kafireto. Don haka shi ne na gaggawa, kuma a kansa zan fi daɗewa domin shi ne mutane suka fi yin kuskuren lissafi a kai.

Hanyoyin mashin ba su da yawa. Ko ka ba wani ya yi acaɓa yana kawo maka balas kullum, in dokar inda kake ta yarda da hakan, ko ka ɗora shi kan kai saƙon kaya ga masu sayarwa ta waya, ko ka ba mutum a kan ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya mallake shi, ko kuma kawai ka sayar ka zuba kuɗin a shagonka. Bari mu yi lissafin na farkon, da lambobin misali, ka musanya su da naka.

A ce darajar mashin ɗin yau 1,000 ce, ko da wane kuɗi kake lissafi, kuma kun yi da mai tuƙi zai riƙa kawo 5 kullum. Abin da kowa ke yi shi ne ya buga 5 sau 30 ya ce 150 a wata, ya fara murna. Amma ai mai tuƙin yana hutun kwana ɗaya a sati, ga ranar ruwan sama, ga ranar da mashin ya kwana wajen bakanike, ga ranar da zai ce maka ba shi da lafiya, in ka samu kwana 22 ka gode Allah, wato 110 ke nan. Daga nan cire gyara. Mashin ɗin haya yana cin hanya sosai, baƙin mai kusan duk sati biyu sai an canza, sannan sarƙa da sifaket, taya, birki, kulocin ma yana zuwa, a ce duka su ci 25 a wata, takardu da inshora kuma 5. Saura 80.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. In bayan shekara biyu na wannan wahala ba za a saye shi sama da 400 ba, to ka yi asarar 600 a wata 24, wato 25 duk wata, kuma wannan kuɗin ba ka ganin fitarsa daga aljihu shi ya sa ake mantawa da shi. Ribarka ta gaskiya 55 ce, ba 150 ba. Wanda ya riƙa cinye 110 ɗin gaba ɗaya yana zaton riba ce, jikin mashin ɗinsa yake ci a hankali, ranar da injin ya buga ba shi da na sayen wani. Kuma ka lura, in aka sace shi sau ɗaya, sai ka yi wajen wata 18 kana tara 55 kafin ka maida 1,000.

Ni in ni ne, kuma ba ni da lokacin bin yaro saboda zaman shago, na fi son tsarin biya har a mallaka. Ku yi a rubuce zai biya misali 1,400 cikin wata goma, gyara duk a kansa, takardun mashin na hannunka sai ya gama, da mutum biyu masu tsaya masa, kuma a rubuta abin da za a yi in ya tsallake sati biyu bai biya ba. Dalili kuwa, wanda ya san abin zai zama nasa ba ya dukansa kamar na aro. In kuma balas ɗin ka zaɓa, ga alamun da za su nuna maka akwai matsala: kuɗin ya fara zuwa guntu-guntu, ka ce a kawo mashin ka gani a yi ta yi maka hanya-hanya, ka zaro sandar gwada mai ka ga ya yi baƙi ƙirin ya ragu, ko ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na fita ta salansa, wannan injin ya fara shan baƙin mai ke nan. Wani lokacin ma za ka tarar ya ba wani na uku yana yi da daddare. Ka sa bakanike ɗaya naka wanda duk gyara a wajensa za a yi.

Ɗaki kuwa, kowa haya yake fara tunani, kuma ba laifi, sai dai shigar ɗan haya ta fi fitarsa sauƙi, in ɗakin cikin gida yake kuma iyalinka ne za su ɗauki nauyin zama da baƙo. Tunda kai ɗan kasuwa ne, ka san abokan sana'a da kaya suka yi wa yawa, ka maida shi sito ka riƙa karɓa duk wata. Abin da yake buƙata kaɗan ne: rufi mara yoyo, katako a ƙasa don kada kaya su taɓa siminti su ja danshi, kwaɗo mai kyau, da littafin da ake rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita da sa hannu. Kada ka karɓi fetur ko wani abu mai kama wuta, kuma kada ka karɓi kwalin da ba ka ga cikinsa ba. In ƙofarsa na kallon waje, tela ko mai koyar da yara darasin yamma za su so shi. In kai ma haya kake a gidan, fara neman izinin mai gida tukuna.

Fili shi ne mafi ƙarancin cin kuɗi, kuma shi ne mafi hatsari in aka yi sakaci aka tsaya a yarjejeniyar baki kawai. In yana kusa da titi ko kasuwa, wurin kwanan motoci da kekuna yana kawo kuɗi kullum, amma sai da katanga da maigadi, kuma ka sani in abu ya ɓace kai za a tambaya. Masu buga bulo, masu sayar da yashi ko katako, masu rainon itatuwa a leda, duk suna neman fili, in akwai ruwa kusa kuma lambu ma ya yi. Masu bulo dai suna barin ƙasa ta daskare da siminti, in kana da niyyar shuka daga baya ka tsallake su.

Ko wa za ka ba, a yi takarda ta shekara ɗaya da shaidu, ana sabuntawa, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba gini na dindindin, rumfa ko kwantena kawai, abin da za a iya ɗagewa cikin sati guda, kuma ba zai ba wani haya a ƙarƙashinsa ba. Ka riƙa ba da rasit duk biya, domin rasit ɗin nan shi ke nuna shi ɗan haya ne ba mai wuri ba in wata rana magana ta tashi. Takardar filin ta asali kuma kada ta bar hannunka, ko hoto ne ma sai da dalili.

Wannan satin dai ka kai mashin ɗin wajen bakanike ya duba, ka tambayi mutum biyu ko uku nawa za su saye shi yau, wannan lambar ita za ka sa a madadin 1,000 ɗin can ka sake buga lissafin da kanka.