Takalmin doguwar tafiya: a fara duba inda maɗauri ya shiga

Tambaya: "Jama'a, ina koyarwa a wani ƙauye bayan Ringim, kullum ina taka wajen kilomita 6 zuwa, 6 dawowa, akwai yashi akwai fadama. Takalma uku na kashe bana, duk maɗaurin ne ke fita. Wane iri zan saya?"

Malam, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina bin ƙauyuka da ƙafa ina sayen awaki ina kaiwa Wudil ranar Juma'a, to bari in faɗa maka abin da ƙafata ta koya mini.

Yawancin sandal na kanti falle biyu ne, na sama da na ƙasa. Sai a cusa bakin maɗaurin a tsakaninsu, a shafa gam, a danne. A hannu sai ka ce ƙarfe. Amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yashin hanya yana gasa gam ɗin kullum har ya saki. Damina na sauka ruwa ya shiga ta wannan kafar, ya ƙarasa aikin. Wani watan Agusta ina janye da akuya biyu na taka laka a bakin fadama, ƙasan takalmin ya kafe, na fizgo ƙafa, maɗaurin ya biyo ni shi kaɗai. Da na duba, abin da aka cusa ciki bai kai gaɓar yatsa ba, kuma ɗinkin da ke jikinsa na ado ne, bai ratsa ƙasa ba.

Saboda haka in ka ɗauki takalmi a kasuwa, kifa shi tukuna. Kana son ka ga maɗaurin ya huda ƙasan ya fito, an lanƙwasa shi an kama, ko kuma ka ga zare ya ratsa har ƙasa. Zaren ma ya kwanta cikin ɗan rami da aka tsaga masa, don in yana fili tsakuwa za ta cinye shi cikin makonni kaɗan. Sannan ka riƙe ƙasan, ka ja maɗaurin da ƙarfi. In bakin fallen ya buɗe ko kaɗan, ajiye musu kayansu. In kuwa ya yi maka ta sauran fuskoki, to kafin ka taka shi ko sau ɗaya kai wa shumeka ya bi duk mashigar maɗauri da zaren nailan. Ɗinki a kan sabo ya fi ɗinki bayan rami ya yage. Kusa kam ba na sonta, tana tsatsa da damina, in ƙasan ya ci sai ta ɓullo maka a tafin ƙafa.

Ka guji mai hanci kaɗai irin na silifa. A tafiyarka dole akwai maɗaurin dunduniya, in ba haka ba yatsunka ne za su yi ta damƙe takalmin har su gaji, laka kuma ta ƙwace shi.

Wajen shimfiɗar ƙafa, ka gwada da yamma bayan ka yi tafiya, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. Ka bar faɗin yatsa ɗaya a gaban babban yatsanka saboda tuntuɓe da tushiyar dawa. Dunduniya ta zauna cikin ɗan kwarmi, kada ta leƙa waje, musamman in kana da faso. Soso mai laushin nan da ke ruɗar mutane a kanti, wata biyu ya lotse, ƙafa ta karkace. Kuma saman ya zama mai ɗan kaushi, don in ya yi sumul gumi ko ruwa zai sa ƙafarka ta riƙa zamewa a ciki, kowace zamewa kuwa maɗauri take fizga.

Santsi iri biyu ne. A kan jiƙaƙƙen siminti na bakin famfo, taushin robar ne ke kamawa. Danna farce a ƙasan: in ya ɗan shiga ya dawo, madalla, in tauri ne tsantsa mai ƙyalli, zai kayar da kai. A taɓo kuwa zane ne ke aiki, mai zurfi da faɗi wanda ya gitta ƙafa, don ƙananan zane nan take taɓo ke cike su. Amma baƙar lakar fadama da gansakukar bakin rijiya babu takalmin da ke kama su. Nan sai takatsantsan da sanda.

Ni dai takalmin taya nake sawa, na sa aka yanka mini a kan zanen ƙafata. Ƙaya ba ta huda shi da sauƙi. Ka ce a yi maka da taya mai zare a ciki, ban da mai waya, kuma wadda zanenta bai shafe ba. Yana da nauyi, yana ɗaukar zafi in ka bar shi a rana, kuma makon farko zai iya yi maka bororo, don haka ka fara da gajeriyar tafiya. Tunda aji kake shiga, ka ajiye na fata mai kyau a makaranta, na taya ya sha hanya.