Makirfo Yana Aiki a Zoom, Ya Yi Shiru a Teams

"Maigida, an kawo mini wata kwamfuta mai Windows, ana jin muryar mai ita a Zoom, amma a Teams ko tari ba a ji. Shin in buɗe ta in sauya makirfon?"

Ajiye sukudirebar nan, yaro. Makirfon da ya ɗauki murya a manhaja ɗaya lafiyarsa lau, kuma ni da kuɗina na sayi wannan darasi.

Wani ɗan kasuwar albasa ya taɓa zuwa shagona a nan Garwa da irin wannan matsala, yana ta azalzala wai yana da ganawa da masu sayen kayansa a Duwala. Na biye wa gaggawarsa na ɓalle murfin allon, domin a irin kwamfutarsa makirfon yana kusa da kyamara, sai gilashin ya tsage a hannuna. Na saya masa sabon allo a kan sefa 45,000 daga aljihuna, na sa sabon makirfo, manhajar kuma ta ci gaba da shirunta. Da na gano ainihin ciwon na gyara cikin minti biyu, mutumin ya ɗauki kwamfutarsa ya ce ba zai biya aikin minti biyu ba, alhali ya tafi da sabon allo. Har yau idan na hange shi a kasuwa raina yana ɓaci.

Abin da ban duba ba shi ne cewa Windows tana naɗa makirfo biyu, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na kira, kuma kowace manhaja tana da wanda take saurare. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan, sannan ka danna Enter:

```
mmsys.cpl
```

A shafin Enregistrement, tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, za ka ga alamar dacewa koriya a kan na yau da kullum, da hoton wayar tarho a kan na kira. A ta ɗan kasuwar nan, hoton tarhon yana kan Mixage stéréo, wanda sautin cikin kwamfuta kawai yake ɗauka, ba ya jin mutum ko da ihu yake yi. Ka yi magana kana kallon layukan sauti da ke gefen kowace na'ura. Na'urar da nata suka motsa, ita za ka naɗa a matsayin biyun. Daga nan ka shiga saitin na'urori na Teams ka zaɓe ta da sunanta.

Izinin makirfo da ke sashen sirri na saitin Windows ba sai na koya maka ba, kodayake ku yaran yanzu kun fi son ɓalle na'ura da karanta abin da ke gabanku. Idan duk wannan ya daidaita shirun bai tafi ba, ka rufe Zoom gaba ɗaya har daga gefen agogo, ka sake gwada kiran kafin ka dawo wurina.