Katakon da ya zame a gangare: inda 5.7 ɗinka ta fito

*Salam Yaya. Ina shirin zuwa Jamus karatun injiniya, an ce in dage da fiziks kafin in taso. Wata tambaya ta hana ni barci: katako mai kilo 5 yana tsaye a saman gangare mai tsawon mita 4 da ya karkata digiri 30, sai aka sake shi. Lambar gogayya μ = 0.2. Gudunsa nawa idan ya iso ƙasa? An ce a bi ta ƙa'idar aiki da makamashi. Kullum 5.7 nake samu, littafi kuma ya ce 5.1.*

Wa alaikumus salam ƙanena. Littafin ne da gaskiya, kuma na gane inda ka zame tun kafin in ɗauki biro, domin ni ma a wannan ramin na faɗa a shekarata ta farko a nan Jamus. Da mita 2 ka ninka gogayya. Da mita 4 ya kamata ka ninka ta. Bari mu bi abin tun daga tushe, ka ga dalili da idonka.

Ƙa'idar magana ɗaya take yi: tattara duk aikin da aka yi wa katakon daga sama har ƙasa, abin da ka samu shi ne canjin makamashin motsinsa. Tunda a tsaye ya fara, babu abin da za a cire, jimillar aikin gaba ɗaya, W, ta koma makamashin motsi, inda m ke nufin kilon katakon, v kuma gudunsa.

```
W = ½·m·v²
```

Abubuwa uku ne ke taɓa katakon: nauyinsa, tokarar da gangaren ke yi masa, da gogayya. Kowanne sai ka tambaye shi aikin da ya yi.

Nauyi ƙasa yake ja kai tsaye, saboda haka ba ruwansa da tsawon hanya, saukar da aka yi kawai yake ƙirgawa. Gangare mai mita 4 a digiri 30, tsayinsa 4 × sin 30°, wato mita 2 cif. Sai ka ninka m·g·h, wato kilo da jan ƙasa da tsayi, 5 × 9.81 × 2, ka sami jul 98.1. Wannan ne jarin da katakon ya taso da shi.

Tokarar gangare ba ta yin aiki ko kaɗan. Tana tura katakon ne a tsaye da fuskar gangaren, shi kuwa yana tafiya a kwance a kan fuskar, to turin bai ƙara masa gudu ba, bai rage ba. Amma kada ka jefar da ita, don ita ke faɗa maka girman gogayya. A kan gangare ba dukan nauyin ne ke danna fuskar ba, sai wani kaso, m·g·cos θ. A nan 49.05 × 0.866 ne, kusan nutan 42.5. Kashi 0.2 na wannan shi ne gogayya, nutan 8.5.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Gogayya ba ta san tsayi ba. Ka tuna yadda 'yan dako ke jingina faffaɗan katako a bayan babbar mota su zurara buhu. Buhun yana gurzar katakon tun daga bakin mota har ya dire, kowane taku na hanyar sai an ci masa wani abu. Da za ka kawo katako mai ninkin tsawo ka jingina a bayan motar nan, saukar tana nan yadda take, amma gurzar ta ƙaru sosai, har buhun ya iya tsayawa a tsakiya a koma turawa da hannu. Don haka nisan gogayya shi ne tsawon gangaren, mita 4. Kuma tunda baya take ja alhali katako na yin gaba, cire aikinta ake yi: 8.5 × 4, jul 34.

```
W = 98.1 − 34.0 = 64.1 J
v² = 2 × 64.1 / 5 = 25.6
v ≈ 5.06 m/s
```

Ga 5.1 ɗin littafi. Kai kuwa jul 17 kawai ka cire, ya bar maka 81.1, shi ya haifi 5.7. Jul 34 ɗin nan kuma ba ɓacewa suka yi ba, zafi suka zama a gindin katakon da fuskar gangaren. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarin ke nan.

Abin haushi da kuskurenka shi ne ba ya ihu, amsar tana kama da ta gaskiya. Shi ya sa nake so ka saba da fitar da iyaka kafin komai. Ɗauka babu gogayya sam: v = √(2gh), wato tushen 39.24, kusan 6.26. Duk amsar da ta wuce nan ƙarya ce. Wanda ya manta ya tara aikin gogayya maimakon ya cire zai ga 7.3, nan take asiri ya tonu. Naka kuwa yana ƙasa da iyakar, haka ma na wanda ya manta cos θ ya ɗauki dukan nauyi a matsayin tokara, shi 4.85 zai samu. Irin waɗannan sai ka sake bi ta wata hanya: ƙaruwar gudu a = g(sin θ − μ cos θ) tana ba da 3.21, sai v² = 2ad, inda d ke nufin tsawon gangaren, ta dawo da kai kan 25.6. Idan hanyoyin biyu suka saɓa, akwai inda ka yi tuntuɓe.

Za ka iya cewa, to me ya sa ba za a tsaya a wannan ta biyun ba? A miƙaƙƙen gangare duk ɗaya ne. Amma ranar da aka ba ka gangare mai lanƙwasa, ƙaruwar gudu tana canjawa a kowane wuri, v² = 2ad ta daina aiki. Aikin nauyi kuwa yana nan m·g·h, ko yaya hanyar ta karkace.

Wani abu da malaman nan ke so, wanda ban saba da shi daga gida ba, shi ne ka riƙe haruffa har ƙarshe kafin ka zuba lambobi. Idan ka yi haka za ka ga m ta fito a kowane ɓangare ta soke kanta:

```
v = √(2·g·d·(sin θ − μ·cos θ))
```

Ashe kilo 5 ɗin ado ne. Katako mai kilo 50 a wannan gangaren, da gogayya iri ɗaya, da 5.06 zai iso. Wannan siffar tana kuma nuna maka lokacin da tambayar ta zama tarko. Idan μ ta fi tan θ, abin da ke cikin tushen ya koma ƙasa da sifili, ma'ana katakon da aka sake daga tsaye ba zai motsa ba. A taka tan 30° kusan 0.58 ne, ya yi wa 0.2 nisa. Sai dai ka lura, lambar gogayyar da ke hana abu fara motsi daban take da ta lokacin zamewa, kuma yawanci ta farkon ta fi girma. Idan an ba ka biyu, da ta farko za ka duba ko zai tashi, da ta biyu za ka lissafa aiki.

Kan shirin tafiya, ƙananan abubuwa ne za su ba ka mamaki a ajin share fagen fasaha da ake kira T-Kurs. A WAEC mun saba da g = 10, a nan 9,81 ake rubutawa, da waƙafi a gurbin ɗigo, to kada ka ga 5,06 ka ɗauka lambobi biyu ne. Tokara F_N ce, gogayya F_R. Ka kuma duba kalkuletarka tana kan DEG. Idan ta sauka RAD, sin 30 zai ba ka −0.988, ka wayi gari da gangare mai tsayi ƙasa da sifili.

Duk wannan na abin da ke zamewa ne. Idan aka sa ƙwallo ko ganga mai mirginawa, wani kason makamashin yana tafiya wajen juyawa, ½·m·v² kaɗai ba ta isa ba, wannan sai wani zaman. Kafin nan gwada wannan: gangaren nan dai, amma an tunkuɗa katakon ya taso da mita 2 a daƙiƙa. Jul 10 ne za su hau kan 64.1, ya kamata ka ga 5.44. Idan ka sami 7.06, gudu ka tara da gudu, ba makamashi ba. Ka gaida su Baba.