An ce kaso 6 kacal muke biya na haraji: to kuɗin da ake karɓa a hannunmu ina yake shiga?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina sana'ar albasa da tumatir a kasuwar Mile 12, kuma na ɗan taɓa karatun akanta. Kullum a rediyo sai mu ji ana cewa harajin da Najeriya ke tarawa bai wuce kaso 6 cikin 100 na GDP ba, wai Ghana da Kenya sun ninka mu, saboda haka dole a ƙara. Ni kuwa daga Kano har Legas babu inda ba a tare motata an karɓi kuɗi, na shigo kasuwa a karɓa, shago ma a karɓa. Hankalina ya tashi. Shin da gaske ba ma biya ne, kuma ninka mana za a yi?

Daga wani ɗan kasuwa a Mile 12, Legas

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka tukuna, domin lambar nan ba kai take aunawa ba. Lissafin rabawa ne kawai: a tattara harajin da ya shiga asusun gwamnatin tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi a shekara, a raba shi da ƙimar duk abin da ƙasa ta samar a shekarar, wato GDP. Abin da ya fito yana nuna yawan abin da hannun gwamnati ya iya kamowa daga tattalin arziki. Bai faɗi nauyin da ke kan mutum ɗaya ba, bai faɗi wa ya biya wa ya zille ba.

Ita kanta kaso 6 ɗin tsohuwar lamba ce. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta sake lissafin shekarar 2021 ta ce kaso 10.86 ne, bayan ta shigar da wasu kuɗaɗen da hukumomi ke karɓa waɗanda a da ba a sa su a ciki. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki kuwa, a nata lissafin na wannan shekarar dai, ta ba Najeriya kaso 6.7. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, babu wanda ya ƙara biyan kwabo, amma amsa biyu. Bambancin yana wajen abin da kowannensu ya yarda ya kira haraji.

Ga lissafin da nake so ka yi da kanka, tunda ka san aikin. A 2024 hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS a lokacin, ta tara kimanin naira tiriliyan 21.6. A tsohon awo, GDP na shekarar ya kai kimanin tiriliyan 269. Raba ka gani: kaso 8 ne. A watan Yulin 2025 NBS ta sauya shekarar da take ɗora awonta a kai daga 2010 zuwa 2019, ta ƙirgo harkokin da a da ba a ƙirga su da kyau, musamman ƙananan sana'o'i marasa rajista, sai GDP na 2024 ɗin ya koma kimanin tiriliyan 372.8. Sake rabawa: kaso 5.8. Wannan na FIRS ne kaɗai, ban sa na kwastam da na jihohi ba, amma ka ga abin da ya faru. Kuɗin da aka tara yana nan yadda yake, lambar ce ta faɗo da fiye da kaso biyu, saboda an gyara ma'auni. Haka aka yi a 2014, lokacin da GDP na 2013 ya tashi daga kimanin tiriliyan 42 zuwa 80 a rana ɗaya. Yawanci ƙasar da ta daɗe ba ta sabunta awonta ba, kasonta zai fito da kyau a takarda, domin tana rabawa da ƙaramar lamba. Kafin a jera mu da wata ƙasa, sai a fara tambayar yaushe rabonta da sabunta awo.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kusan kullum nake karo da shi a wajen aiki: a ɗauki wannan kason a fassara shi da cewa 'yan Najeriya ba sa biyan haraji. Za ka ji mutum ya sa kwat ya zauna a talabijin yana maimaita wannan magana kamar karatu, bai taɓa buɗe rahoton da lambar ta fito daga ciki ba. Maganar tana da haɗari, domin idan aka yarda da ita, maganin da za a kawo shi ne a ƙara matsa wa wanda aka riga aka kama: ma'aikacin da ake cire masa haraji tun kafin albashi ya shigo, da kamfanin da ya yi rajista, da mai shagon da ke bakin titi inda ma'aikacin karɓa zai iya tsayawa a kansa.

Mu ɗauka a wata ƙasa ana samar da abin naira 100 a shekara. Naira 60 daga ciki noma ne na ƙananan manoma da ƙananan sana'o'i da manyan da aka yafe wa haraji, babu abin kirki da ke shiga asusu daga wajensu. Saura naira 40 ita ake tatsa, a samu naira 10. A takarda kason ƙasar 10 ne. Amma masu naira 40 ɗin nan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suka samar suka bayar, wato kaso 25. Idan aka ce a kai ƙasar kaso 18 ba tare da an taɓa waccan 60 ɗin ba, masu biyan nan za su koma bayar da kaso 45. Lambobin misali ne na ƙirƙira don bayani, amma yadda abin yake aiki ke nan. Jakin da ya tsaya shi ake ta ƙara wa kaya.

Kayanka ma suna cikin labarin. Noma yana da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na GDP ɗinmu. Kowane kwandon tumatir da aka sauke a Mile 12 da asuba, kowane buhun albasa, ana ƙiyasta ƙimarsa a cikin lambar da ake rabawa da ita. Amma doka da gangan ta cire ainihin kayan abinci daga harajin VAT na kaso 7.5, don kada a tsauwala wa talaka, kuma daidai ne. Ƙasar da noma ke da babban kaso a tattalin arzikinta yawanci lambarta takan yi ƙasa da ta ƙasar masana'antu da bankuna, ko da mutanenta sun fi kowa biyayya.

Sai kuɗin hanya. Direbanka ya tsaya a shinge, wani ya leƙo da sanda mai ƙusa, ya miƙa masa 'yar takarda mai launi wadda ba lambar asusu ba tambarin kirki, ya karɓi dubu biyu ko uku, gaba kaɗan wani ya sake. A littafinka wannan kuɗi ya fita, kuma ka ɗora shi a kan farashin kwando, mai saye ya biya. A littafin gwamnati kuwa bai taɓa shigowa ba, saboda haka ba ya cikin kason ko kaɗan. Kai an tatse ka, ƙasa kuma ana kiranta marar biyan haraji. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne su 'yan tsakiyar nan, masu zagaya kasuwa suna cewa sabuwar doka ta zo, a kawo kuɗi su gyara wa mutum takardunsa, suna tsorata mutane da cewa za a kwashe kuɗi daga asusun bankinsu. Suna cin haram ne da tsoron da wannan lamba ta jefa a zukatan bayin Allah. Wanda ya karɓi kuɗin mai tumatir da sunan gwamnati ya zuba aljihu ya zalunci mutum biyu, mai kayan da kuma marar lafiyar da kuɗin zai saya wa magani a asibiti.

Kwatanta mu da Turai ya fi ma ɓatarwa. Ƙasashen OECD suna da matsakaicin wajen kaso 34, Faransa ta haura 40. Amma babban ɓangare na lambar Faransa da Jamus kuɗin fansho ne da inshorar lafiya da ake cire wa ma'aikata zuwa asusun gwamnati, kuma ana lissafa shi a matsayin haraji. A nan, ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana ba da kaso 8, mai ɗaukarsa aiki kaso 10, amma kuɗin yana tafiya asusun mutum na kansa a kamfanin kula da fansho, don haka ba a ƙirga shi. Haka ma man fetur: harajin ribar kamfanonin mai yana cikin lissafi, amma kuɗin sayar da rabon gwamnati na ɗanyen mai da ribar hannun jarinta a kamfanin iskar gas ba haraji ba ne. Shi ya sa ƙasa kamar Kuwait kasonta na haraji ƙanƙani ne ƙwarai, baitulmalinta kuwa a cike.

Kada ka fahimce ni da cewa babu matsala. Ko da an gyara duk waɗannan, abin da gwamnatin Najeriya ke samu ya yi kaɗan ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma muna ƙasa da matsakaicin Afirka na wajen kaso 16. Shi ya sa biyan bashi ke lashe kuɗin shiga. Amma gibin yana wajen masu manyan kuɗi da gidajen haya da ba su cikin rajista, da hutun haraji da rangwamen kwastam da aka daɗe ana rabawa, da kuɗin da aka karɓa bai isa asusu ba. Idan aka toshe waɗannan, kason zai tashi ba tare da an ƙara wa mai biya komai ba.

Game da ninkawa: burin kaso 18 da gwamnatin Tinubu ta sa a gaba tun 2023 buri ne na abin da ƙasa za ta tara, ba adadin da za a yanka wa mutum ba ne. Dokokin harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun bar VAT a kaso 7.5, sun kuma ce naira dubu 800 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara ba haraji a kansu. Harajinka a kan riba yake, ba a kan cinikin da ya ratsa ta asusunka ba, kuma tunda a Legas kake zaune, hukumar tara harajin jiha, LIRS, ce ke da shi. Abin da zai kare ka shi ne littafi: kuɗin sayen kaya a gona, kuɗin mota, na 'yan dako, da kwandunan da suka lalace a hanya. Wanda ba shi da littafi sai a yi masa ƙiyasi, ƙiyasin kuwa yawanci sama yake kaiwa. Duk kuɗin da aka ce na gwamnati ne, ka nemi a ba ka asusun da za ka biya ta banki, ka karɓi rasit mai sunanka, ka adana. Ku kuma haɗu da shugabannin sashenku ku rubuta duk abin da ake karɓa a kan mota ɗaya daga lodi zuwa saukewa, da wurin da aka karɓa da sunan da aka karɓa da shi, ku kai wa hukuma a rubuce ku nemi ta nuna muku waɗanda doka ta sani.